Mu biyar ne a rukuni, mu biyu muka yi aikin: yaya za a raba makin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji uku a jami'a, kuma ni aka naɗa shugabar rukuninmu na mutum biyar. Aikin yana da maki 20, saura kwana goma mu miƙa. Malaminmu ya ce ba zai ba kowa maki ɗaya ba, mu auna junanmu mu kawo masa rabon. Ni da wata muka yi kusan duk rubutun. Akwai wani da bai taɓa fashin zama ba, shi ya raba takardun tambayoyi, amma rubutunsa sai an sake. Wani kuɗin bugawa kawai ya bayar. Ta biyar ƙawata ce, sau ɗaya ta zo. Ina tsoron zaluntar wani, ina kuma tsoron ɓata zumunci. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Abu na farko, kada ki yarda ki zauna ke kaɗai ki rubuta rabon nan, ko da malam ya ce ya yarda da ke. Ke ma kina cikin masu karɓa, don haka duk lambar da kika rubuta wa kanki za a ce son kai ne, wadda kika rubuta wa ƙawarki kuma za a ce alfarma ce ko cin amana, gwargwadon yadda ta fito. Kada kuma ku taru ku biyar a yi rabon baki da baki. A irin wannan zama kunya ce ke yanke hukunci. Wani zai ce "ai duk mun yi ƙoƙari, a raba daidai", babu wanda zai iya buɗe baki ya musa, a tashi kowa da abin da ke cikinsa. Awon da ke aiki shi ne wanda kowa ya rubuta a ɓoye, ya miƙa wa malam hannu da hannu, ba tare da ya bi ta kanki ba.

Kafin a zo lissafi, sai kun daidaita a kan abin da ake aunawa, domin nan ne yawancin rukunoni ke kuskure. Ingancin aikin malam ne zai auna shi, shi ne makin da zai ba rukuni. Abin da ku kaɗai kuka sani, malam bai gani ba, shi ne wa ya ɗauki wane kaya, kuma ya sauke shi ko bai sauke ba. Wannan kaɗai ake tambayarku. Idan kuka mayar da awon ya zama na wa ya fi ƙwaƙwalwa, za ku hukunta mai rauni sau biyu, domin jarrabawa tana nan tafe za ta auna wannan.

Saboda haka mutum ukun da kika ambata ba matsala ɗaya ba ce. Wanda ya yi yawon raba takardun tambayoyi ya kuma karɓo su ya yi aikin da babu rahoton sai da shi. Raba takarda sittin, a bi mutane a roƙe su su cike, a dawo da hamsin, kwanaki yake ci, sai dai ba ya bayyana a shafi kamar babi na biyu. Gyara rubutunsa da kuka yi aiki ne da za a lissafa muku, amma ba ya goge nasa. Mai kuɗi kuwa ya sauƙaƙa muku, a gode masa, sai dai kuɗin bugawa da na ɗaurin littafi ba karatu ba ne. Mafi tsabta a raba kuɗin kashi biyar, kowa ya mayar masa da nasa kason, don kada gobe ya ce ya biya an hana shi. Ƙawarki ita ce ci-ma-zaune a halin yanzu, amma akwai sauran kwana goma, za mu dawo kanta.

Ku tsayar da ma'auni huɗu kawai, a rubuce, kowa ya gani kafin a cike komai: ya karɓi rabonsa na aiki, ya kawo shi a lokacin da aka sa, abin da ya kawo ya shiga cikin aikin ko da bayan gyara, sannan ana samunsa idan an neme shi. Lura da na ƙarshe: "ana samunsa" muka ce, ba "yana zuwa zama" ba. Matar aure da ba ta iya fitowa zaman bayan magariba, ko ɗalibin da yake zuwa daga wajen gari, idan suna amsa saƙo suna turo aikinsu a kan kari, sun cika wannan sharaɗi. Akwai kuma wanda ba ya fashin zama amma hira yake zuwa yi. Haka nan ku yi hattara da mai zaƙin baki da Turanci. Wanda ya tsaya gaban aji ya yi bayani na minti goma yakan fi tsayawa a ran mutane a kan wanda ya kwana uku yana shigar da alƙaluma, alhali shi na biyun ya fi shan wuya.

Ga yadda ake cike takardar. Kowane ɗayanku yana da ƙuri'a 100, zai raba su ga sauran mutum huɗun, ban da kansa. Idan a ganinsa duk huɗun aiki ɗaya suka yi, kowa 25. Gaban kowace lamba zai rubuta jimla ɗaya ta hujja, abin da za a iya dubawa: "ita ta rubuta babi na ɗaya da na uku", "an ba shi bitar littattafai bai kawo ba". Jimla irin "tana da ƙoƙari" ba hujja ba ce.

Abu biyu ne suka sa muka fi son wannan a kan a ce kowa ya ba kowa maki daga ɗaya zuwa biyar. Na ɗaya, a wancan tsarin kusan kowa biyar yake rubuta wa kowa, tunda ba ya rasa komai, kuma mai hannun kyauta yakan rinjayi mai tsanani. Idan ƙuri'un ƙidayayyu ne, duk wanda ka ƙara wa sai ka rage wa wani, dole ka yi tunani. Na biyu, tunda mutum ba ya ba kansa, abin da ya rubuta ba ya taɓa makinsa ko kaɗan. Makinki yana hannun sauran huɗun, don haka ba ki da ribar danne kowa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Manhajar WebPA da aka ƙirƙira a Jami'ar Loughborough ta Ingila a kan irin wannan lissafi take, sai dai ita takan bar ɗalibi ya auna har da kansa. Ku da za ku yi da takarda da biro, cire awon kai ya fi muku sauƙi.

Bari mu ɗauka ga abin da aka rubuta. Kowane layi takardar mutum ɗaya ce:

| Mai bayarwa | Ke | Mai rubutu | Mai yawo | Mai kuɗi | Ƙawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Ke | – | 40 | 30 | 20 | 10 |
| Mai rubutu | 40 | – | 30 | 20 | 10 |
| Mai yawo | 35 | 35 | – | 20 | 10 |
| Mai kuɗi | 30 | 30 | 20 | – | 20 |
| Ƙawa | 25 | 25 | 25 | 25 | – |
| Jimilla | 130 | 130 | 105 | 85 | 50 |

Jimillar ƙasa dole ta kai 500, wato mutum biyar sau 100. Idan ba ta kai ba, wani ya yi kuskuren tarawa a takardarsa, a mayar masa ya gyara. Wanda ya yi daidai rabonsa zai tashi da 100. Sai a raba jimillar kowa da 100 a sami awonsa: ke 1.30, mai rubutu 1.30, mai yawo 1.05, mai kuɗi 0.85, ƙawarki 0.50.

Yanzu a ce malam ya ba aikin 14 cikin 20. Shawararmu a raba makin gida biyu. Rabi, wato 7, kowa ya samu, domin aikin da sunan rukuni ya fita. Ɗaya rabin shi ake ninkawa da awon mutum. Idan M makin rukuni ne, F kuma awon mutum:

```
maki = (M/2) + (M/2 × F)
```

Ke za ki sami 7 da 9.1, wato 16.1, haka ma mai rubutu. Mai yawo 14.35, mai kuɗi 12.95, ƙawarki 10.5. Idan aka cike lambobin, an sami 16, 16, 14, 13 da 11. Ki tara su za ki ga 70, daidai da 14 sau biyar. Babu makin da aka ƙirƙiro, babu wanda ya ɓata, daga hannu kawai ya koma wani hannu.

Za ki iya tambaya me ya sa ba a ninka makin gaba ɗaya ba. Da an yi haka, ke 18.2 za ki samu, ƙawarki 7. Matsalar ita ce awon ɗalibai ba sikelin zinariya ba ne. Akwai haushi a ciki, akwai mantuwa, akwai wanda bai ga aikin wani ba. Idan aka ɗora duk makin a kansa, kuskuren ƙuri'a goma zai motsa makin mutum da 1.4, a tsarin rabi kuwa 0.7 ne. A jami'o'inmu da 69 take B, 70 take A, maki ɗaya ba abin wasa ba ne, kuma bai kamata ɓacin ran mutum ɗaya ya sauya wa wani daraja ba. Sannan 18 cikin 20 a kan aikin da malam ya ce 14 ya cancanta ta yi yawa. Idan malam yana ganin rabi ya yi sassauci, yana iya mayar da kason da ake ninkawa kashi 60 ko 70 cikin ɗari, amma ya faɗa kafin a buɗe takardu, ba bayan ya ga wa abin zai taɓa ba. A kuma sa rufi: da aikin ya sami 18, lissafinki zai ba da 20.7, sai a tsaya a 20.

Ki lura da mai yawo. Bayan cike lambobin, ya tashi da makin rukuni cif, bai hau ba, bai sauka ba. Wannan shi ne alamar cewa awon ya yi aikinsa. Idan kika ga mutum irinsa ya faɗo kusa da wadda sau ɗaya ta zo, to iyawa rukunin ya auna, a koma a sake karanta ma'aunai huɗun nan.

Inda tsarin yake da rauni na gaske shi ne ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. A ce mai kuɗi da ƙawarki sun haɗa baki: shi ya ba ta 70, ita ta ba shi 70, sauranku kowa 10. Ba tare da an taɓa sauran takardu uku ba, jimilla za ta koma haka: ke 95, mai rubutu 95, mai yawo 80, mai kuɗi 130, ƙawarki 100. Wanda bai rubuta layi ɗaya ba ya zama na ɗaya a rukuni. Mutum biyu cikin biyar sun isa su kifar da lissafin, kuma duk wanda ya zauna da biro minti biyar zai gano haka.

Gane shi ba wuya idan malam ya dubi ginshiƙin kowa maimakon jimilla kaɗai. Ƙawarki ta sami 10, 10, 10, sai ga 70. Mai kuɗi 20, 20, 20, sai ga 70. Lamba ɗaya da ta yi nesa da 'yan'uwanta, kuma mutum biyun juna suka ba, ita ce shaidar. Maganin mataki biyu ne. Tun farko a sa iyaka: a rukunin mutum biyar, kada a ba kowa sama da 40 ko ƙasa da 10 sai da hujjar da malam zai iya gani da idonsa. Iyakar tana rage ɓarnar amma ba ta kashe ta, domin ko 40 suka ba juna, ƙawarki za ta tashi daga 50 zuwa 70. Mataki na biyu, malam ya kira mai takardar ya tambaye shi abin da ya gani. Idan ba shi da amsa, a soke takardarsa a ɗauke ta kamar ya ba kowa 25. Idan aka yi wa takardun biyu haka, sakamakon zai zama 125, 125, 110, 85 da 55, kusa ƙwarai da na gaskiya. Haka za a yi da wanda ya ƙi kawo takardarsa. Kuma wannan doka ta shafe ku ke da mai rubutu. Kun ba juna 40 da 40, abin da ya wanke ku shi ne mai yawo ya ba ku 35, har mai kuɗi ya ba ku 30, wato shaidar wasu ta goyi bayan taku.

Hujja kuwa kuna da ita fiye da yadda kike zato. Zauren WhatsApp na rukuni yana ɗauke da ranar da aka raba aiki, da wanda ya ce "na karɓa", da ranar da kowane fayil ya shigo. Idan a Google Docs kuka yi rubutun, ki shiga File, sannan Version history, za ki ga wanda ya rubuta me da yaushe, muddin kowa da asusunsa ya shiga. Kada dai a mayar da wannan alƙali: idan ku biyar kuna amfani da kwamfuta ɗaya, sunan mai ita kaɗai zai fito, aikin mai yawo kuma ba ya barin sawu a can. Tarin takardun da ya karɓo su ne shaidarsa, ku ajiye su. Ki zana shafi ɗaya mai ginshiƙi huɗu: aiki, wanda aka ba, ranar da aka sa, ranar da ya kawo. Ki tura zaure ki ce duk wanda ya ga kuskure ya gyara kafin gobe. Wannan shafi shi za a haɗa wa malam, kuma shi kowa zai duba lokacin da yake cike takardarsa.

Akwai tambayar da za ki yi wa kanki, ba mai daɗi ba. Da kika ce ku biyu kuka yi kusan duk rubutun, an ba sauran sun ƙi ne, ko kun riƙe ne don kuna tsoron su ɓata? Ɗalibai masu ƙoƙari sukan yi wannan ba da mugun nufi ba: a karɓe aikin, a sake rubuta na wani ba tare da an nuna masa ba, har ya gane zuwansa ba shi da amfani ya daina zuwa. Idan shafin nan ya nuna babu aikin da aka taɓa ɗora wa mai kuɗi da sunansa da rana, ba za a rage masa maki don bai yi abin da ba a ba shi ba. Aikin da aka jefa wa "kowa da kowa" ba na kowa ba ne. Tun a 1913 wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa cewa idan mutane suka taru suna jan igiya, ƙarfin da kowane ɗaya yake sawa yana raguwa yayin da yawansu yake ƙaruwa. Inda ba a ganin hannun mutum, hannun yakan yi sanyi.

Shi ya sa kwana goman nan suke da daraja. Yau ki sanar da tsarin a zaure, ki kuma raba abin da ya rage da suna da rana. Mai kuɗi a ba shi jera manazarta a kan tsarin da sashenku yake bi, da duba cewa duk wanda aka ambata a ciki yana cikin jerin, zuwa kwana huɗu. Ƙawarki a ba ta shirya abin da za a nuna ranar gabatarwa, shafi goma zuwa sha biyu, da bayanin kashi ɗaya a gaban aji, zuwa kwana shida. Aiki ne na gaske, ana iya ganin an yi ko ba a yi ba, kuma idan bai zo ba kuna da sauran lokacin rufe gurbin. Ita kuwa ki same ta ku biyu kafin ta gani a zaure. Ki ce mata: "Ƙawata, malam ya ce kowa zai auna kowa a ɓoye, ba ni zan raba ba. In aka yi yau, ke ma kin san yadda za ta kasance. Ga aikin da ya rage, ki ɗauka ya zama akwai abin da za a rubuta gaban sunanki." Ki kuma tambaye ta abin da ya hana ta zuwa. Idan rashin lafiya ne ko rasuwa ko wata lalurar gida, wannan ba hurumin ƙuri'a ba ne. Ta kai wa malam uzurinta, shi yake da ikon sassauta mata ko ba ta wani aikin. Kada rukuni ya ɓoye uzuri a cikin lambobi, domin duk ƙuri'ar tausayi da aka ba ta daga makin wani aka cire ta.

Idan kuma kwanakin suka wuce ba ta taɓa komai ba, ki sani lissafin nan ba a yi shi don wanda bai yi aiki sam ba. Ko sifili kowa ya ba ta, rabin nan na 7 yana nan. Irin wannan sai a rubuta wa malam a fili cewa ba ta shiga aikin ba, a haɗa da shafin rabon aiki, shi ya yanke. Kada ki cire sunanta daga bangon rahoton da kanki.

Abin da za ki roƙi malam guda huɗu ne, ki je ofishinsa da su a rubuce a takarda ɗaya: ya amince da tsarin kafin a cike, ya karɓi takardun da kansa, ya nuna wa kowa makinsa na ƙarshe kaɗai ban da wa ya ba shi nawa, sannan ya ba da kwana biyu ga wanda yake da ƙorafi ya zo da hujjarsa. Lokacin cikewa ya zama bayan an miƙa aikin an kuma yi gabatarwa, amma kafin malam ya faɗi makin rukuni. Idan maki ya riga ya fito kuma bai yi daɗi ba, takardun sukan koma neman wanda za a ɗora wa laifi. Minti goma a ƙarshen lacca sun isa, kowa a kujerarsa nesa da ɗan'uwansa, da biro, ya sa hannu a ƙasa ya ninke ya miƙa.